Yadda za ka ba amininka kyautar ban haƙuri ba tare da ta zama toshiyar baki ba

Idan ka ɓata wa amininka rai, abu uku ne ke gabanka, kuma yawancin mutane suna cakuɗa su wuri ɗaya: haƙƙin da ka taɓa, haƙurin da za ka bayar da bakinka, sai kyauta. Kyauta ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma mafi ƙanƙanta. Duk wanda ya sa ta gaba, ko da zuciya ɗaya ya yi, abokinsa zai ji kamar an yi wa ɓacin ransa farashi.

Mu ɗauki misali irin wanda ke faruwa a fadojin Maraɗi. A ce kai tela ne, amininka ɗan kabu-kabu. Babur ɗinsa ya lalace, ka ranta masa jaka 50 ta sefa ya gyara, ba wanda ya sani sai ku biyu. Wani dare ana shan shayi a fada, gardama ta yi zafi, ka ce masa a gaban kowa: "Kai da ba don ni ba da yanzu a ƙasa kake tafiya." Ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya tayar da babur ya tafi. Tun ranar bai sake zuwa fada ba.

Matakin farko shi ne ka gane ainihin abin da ka ɓata. A nan ba kuɗinsa ka ci ba, gori ka yi masa, ka tona sirrin da ya ba ka amana, ka zubar masa da mutunci a gaban tsararsa. Wannan bambancin shi ke nuna maka abin da za ka riƙa a hannu. Da wayarsa ka ara ta faɗi gilashin ya fashe, gyara ta wajibi ne a kanka, sai ka kai ta ka ce ga kayanka na gyara, kada kuma ka kira wannan kyauta. Amma mutunci ba shi da madadi a kasuwa, don haka zuwan farko hannu sake za ka yi shi.

Kada ka bari kwanaki su taru. Hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ka je gidansa da ƙafarka, a lokacin da ka san ya sauka daga aiki, kamar bayan isha'i. Ka yi sallama, ku tsaya a ƙofar gida ko a zaure ku biyu kawai. Saƙon murya a waya bai isa ba ga wanda unguwa ɗaya ko biyu ce tsakaninku. Ka ambaci laifin da sunansa: "Ɗan'uwa, na yi maka gori a gaban mutane, na faɗi abin da ke tsakaninmu. Ban kyauta ba. Ka yi wa Allah ka yafe mini." Kada ka ƙara da "amma kai ma", kada ka ce "in ranka ya ɓaci". Ka san ya ɓaci. Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da abin da zai faɗa ba daɗi.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa, don zuciya za ta raya maka ka ce: "Kuɗin nan ma na bar maka." Kada ka faɗa. A kunnensa wannan gori ne na biyu, domin ka sake tuna masa cewa hannunka ne a sama, kuma ka sa shi cikin halin da in bai ce ya yafe ba za a kira shi butulu. Ka bar bashin yadda kuka shirya tun farko. In ya kawo maka kuɗin da zafin rai bayan kwana biyu, wataƙila ma wani wuri ya ranto, ka karɓa ka yi godiya. Biyan nan ne ke ɗaga masa kai. In kana da niyyar bar masa, ka jira sai an daɗe da shiryawa, ranar da maganar ba za ta tuna wa kowa daren fada ba.

Tun da a bainar jama'a ka yi ɓarnar, akwai sauran gyara a can. Ka tambaye shi tukuna ko ya yarda, don wani ya fi son a binne maganar. In ya yarda, ka ce wa ’yan fada a taƙaice cewa maganar da ka yi ranar kuskure ce kuma ka ba shi haƙuri. Ba sai ka sake ambaton adadin kuɗin ba.

Sai bayan wannan duka ake maganar kyauta, kuma ina ganin mako ɗaya ko biyu ya kamata a bari. Alamar lokaci ya yi ita ce ya fara amsa gaisuwarka da tsawo, yana tambayar iyali, ko ya dawo fada ya zauna. Ma'aunin kyautar kuma shi ne abin da dama yake wucewa tsakaninku kafin saɓani. In kun saba da kilishin jaka 1 ko 2 idan ɗayanku ya samu, ko kifi in hanya ta kai ka Madarunfa, to a nan za ka tsaya. Mu a nan kyauta tana tafe da nauyin ramuwa. Dubi yadda mata ke riƙe lissafin gudummawar biki don su mayar ranar da ya zagayo. Idan ka sauke wa mai kabu-kabu shadda mai tsada ko sabuwar waya, ka ɗora masa abin da ba zai iya ramawa ba, alhali kan wannan rata ce kuka ɓata.

Tsabar kuɗi kam, ko a ambulan ko ta hanyar aike, ka nisance ta gaba ɗaya. Abin da ya fi kyau shi ne wanda hannunka ko lokacinka ya shiga. Kai tela ne, ka san awon ɗansa: ka ɗinka wa yaron riga daga yadi madaidaici, ka naɗe ta a leda, ka kai da kanka. Ka miƙa ka ce "ga wannan na yaro", ka shiga wata hira. Kada ka haɗa ta da maganar laifi ko kaɗan, kada ka ɗauki hoto, kada ’yan fada su ji daga bakinka. Haka nan kada ka aika yaro da ita, don sai abokin naka ya nemi tukwicin da zai ba ɗan aike, kuma aike yana nuna har yanzu kana gudun haɗa ido da shi.

Kafin ka fita da ledar, ka tambayi kanka: in ya karɓa amma bai sake jiki da ni ba, zan ji haushi? In amsar e ce, ciniki kake shirin yi, gara ka ajiye ta tukuna.

Yana iya mayar maka da ita, ko ya ce "ka bar shi kawai". Ka karɓa ba tare da ɗaure fuska ba, kada kuma ka koma ka sayo wadda ta fi ta tsada, don wannan zai tabbatar masa da zarginsa. Ka ci gaba da gaisuwa, ka je masa dubiya ko barka in dalili ya taso. Idan aka yi makonni ba sauyi, ka nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarsu, ka faɗa masa laifinka yadda yake ba ragi, ka roƙe shi ya shiga tsakani. Shi ma kada ka ba shi komai ya kai.