Maganin mura na dare: kurakuran da ke sa a ninka magani ba a sani ba

Galibin magungunan mura da na ciwon jiki da aka rubuta wa Night ko PM a kwali, magani biyu ne ko uku aka haɗa wuri guda, kuma ɗaya daga cikinsu maganin ƙaiƙayi da atishawa ne irin na da, wanda ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa ya kawo barci. Panadol Night, alal misali, kowace ƙwayarsa tana ɗauke da miligiram 500 na farasitamol da miligiram 25 na difenhaidramin. Night Nurse yana da furometazin, NyQuil yana da dokisilamin, Piriton kuwa da kowa ya sani kulofeniramin ne, miligiram 4 a ƙwaya. Sunaye huɗu ne, amma dangi ɗaya ne, kuma illarsu taruwa take yi idan suka haɗu a jiki.

Babban kuskure shi ne ƙirga magani da sunan kamfani maimakon abin da ke cikinsa. A ɗauki misalin direba ɗan shekara 60 da mura ta kama lokacin hunturu. Da safe ya sha farasitamol ƙwaya biyu, da azahar ya ƙara biyu. Da la'asar ya sake shan biyu, ya haɗa da ƙwayar mura guda wadda ita ma tana da miligiram 500 na farasitamol da ɗan kulofeniramin. Bayan isha'i ya sha Piriton saboda atishawa, sannan ya bi da Panadol Night biyu don ya samu barci. A ganinsa kowane ciwo ya ba shi maganinsa. A lissafi kuwa ya sha miligiram 4,500 na farasitamol, alhali iyakar babban mutum 4,000 ne a awa 24, kuma bai kamata ya wuce 1,000 a sha ɗaya ba. Ga shi kuma ya ɗora miligiram 50 na difenhaidramin a kan kulofeniramin da ya sha har sau biyu.

Da asuba zai tashi baki a bushe, kai ya yi nauyi, gani na dishi-dishi, kuma idan yana da kumburin ƙullin mafitsara irin na dattawa, zai iya tsugunawa fitsari ya ƙi fita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zai ɗauka duk murar ce, ya kama sitiyari, bayan kuwa mayen maganin bai sake shi ba. Farasitamol ɗin ya fi yaudara, domin yawansa ba ya nuna wata alama mai ƙarfi a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara nunawa. Gyaran abin yana da sauƙi: a jera kwalayen, a karanta jerin abin da ke ciki, a tabbata farasitamol daga wuri ɗaya yake zuwa, mai sa barci ma daga wuri ɗaya. A nan ne sayen magani warwatse a leda daga kemis ke cutarwa, don babu kwalin da za a duba, saboda haka a nemi mai kemis ya rubuta sunan kowace ƙwaya.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da magungunan da aka daɗe ana sha. Mai shan taramadol, kodin, dayazifam ko amitiriftilin, ko mai shan barasa, idan ya ƙara maganin dare, barcinsa zai yi nauyin da numfashi ke iya raguwa. Ruwan maganin tari ma ana raina shi, ga shi da yawansa na ɗauke da difenhaidramin.

Wanda ya haura shekara 65 ya fi kyau ya ƙaurace wa wannan dangi na maganin atishawa mai sa barci gaba ɗaya, domin suna jawo masa ruɗewa da faɗuwa a hanyar bayan gida cikin dare, haka ma mai hawan jinin ido. Yara kuma, tun 2009 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce kada a ba 'yan ƙasa da shekara 6 irin waɗannan haɗe-haɗen na mura, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2 furometazin. Uwar da ke ba yaro irin wannan magani don ya yi barci ya kamata ta sani cewa wani yaron firgita yake yi, ya kasa kwanciya sam.

Idan an riga an ninka, kada a tuƙa mota ko babur, kuma kada a ƙara komai. Wanda aka kasa tayarwa, ko yake sambatu, ko zuciyarsa ke bugawa da sauri, ko fitsarinsa ya tsaya, a kai shi asibiti nan take tare da kwalayen. Wanda ya zarce iyakar farasitamol shi ma ya je ko da yana jin garau, domin maganin kare hantar ya fi aiki idan aka ba da shi cikin awa 8.