Rubuta lokacinka da nasu tare

'Yan'uwa masu koyon aiki daga gida da kamfanonin waje, ga shawara.

Kada ka rubuta "ƙarfe 3" kawai. Rubuta "3:00 na yamma WAT, 10:00 na safe agogon New York".

Dalili: agogon Najeriya, wato WAT, ba ya motsi, UTC+1 ne duk shekara. Nasu ne ke canzawa. Daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, mun riga New York da awa 5. Sauran watannin, awa 6 ne. Taron da ka saba shiga ƙarfe 3 na yamma sai ya koma ƙarfe 4, daidai lokacin La'asar, ba tare da kowa ya faɗa maka ba.

Shiga saitin Google Calendar ka ƙara agogo na biyu. Shi zai riƙa gyara kansa.

A Slack kuma ka bayyana awannin da ake samunka, ka cire lokacin Juma'a tun farko. Sun fi son su sani da wuri.

Kafin ka tashi, bar saƙo mai layi uku: abin da ka gama, abin da za ka kama gobe, da inda ka maƙale. Na ukun ne mai tsada. In ka ɓoye shi, amsa sai gobe, yini guda ya tafi.

Inda dabarar ba ta aiki: in mai duba aikinka yana California. Ƙarfe 9 na safiyarsu 5 ko 6 na yamma ce a Kaduna. Nan sai ku tsayar da awa ɗaya tak ta haɗuwa, ka yi cajin kwamfuta da rana saboda ɗaukewar wuta, sauran magana duk a rubuce.