Yadda Ake Bambance Lambar Salula da ta Wayar Tebur a Najeriya

Ana yawan tambayar wannan, ga matakan:

1. Idan lambar ta fara da +234, cire shi ka sa 0.

2. Duba lambobi uku na farko. 070, 080, 081, 090 da 091 na salula ne, 020 kuma na wayar tebur.

Hattara: kada ka dogara da ƙirge, domin tun 2024 dukkansu lambobi 11 ne.

3. Ta tebur gari take nunawa: 0201 Legas, 0209 Abuja, 02064 Kano.

4. Ta salula kamfanin da ya fara ba da ita take nunawa: 0803 MTN, 0802 Airtel, 0805 Glo.

5. Tambayi mai layin kafin ka tura masa kati. Tun 2013 ana iya sauya kamfani ba tare da canza lamba ba.