Kurakuran da masu aikin jinga ke yi wajen gano abin da awa ɗaya ta kawo musu

Mai aiki da ke zaman kansa, wanda ake biya jinga guda kan aiki guda, yakan raba kuɗin da aka yi ciniki a kai da awannin da ya ƙiyasta tun farko, ya ɗauka abin da ya fito shi ne ladan awarsa. A ɗauki misalin mai gina shafin intanet a Kano da wani kamfani ya bai wa aikin ₦600,000. Ya ƙiyasta awa 40, don haka a ransa kowace awa ₦15,000 ce. Wannan lissafi yana da kurakurai a kuɗin da aka raba da kuma awannin da aka raba da su.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar jinga gaba ɗaya a matsayin riba. A wata ɗaya da rabi da aikin ya ci, ya sayi data ta ₦25,000, ya zuba wa janareta man ₦45,000, ya biya mai ɗaukar hoton kayan kamfanin ₦60,000, zirga-zirga kuma ta ci ₦20,000. Waɗannan ba su cika ɓacewa ba, tunda an ga fitarsu daga aljihu. Wanda ake mantawa shi ne kayan aikin da aka saya tun tuni. Kwamfutar ₦720,000 da ake sa ran ta yi shekara uku tana cin ₦20,000 kowane wata, saboda haka wannan aiki zai ɗauki ₦30,000 daga kuɗinta. Jimillar ɗawainiya ta zama ₦180,000, riba kuma ₦420,000.

A wajen haraji mutane suke rabuwa biyu: masu ƙin ware komai sai lokacin biya ya ƙure musu, da masu warewa daga jinga gaba ɗaya alhali harajin kuɗin shiga a kan riba yake hawa. Gyaran shi ne a fara ƙiyasta ribar shekara. A dokar harajin Nijeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ₦800,000 na farko ba su da haraji, ₦2,200,000 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, ₦9,000,000 na gaba kuma kashi 18. Idan ribar mutuminmu a shekara ₦6,000,000 ce, harajinsa ₦330,000 ne a hawa na biyu da ₦540,000 a na uku, jimilla ₦870,000, wato kashi 14.5 na ribar, kafin duk wani rangwame da doka ta ba shi. Ya ware kashi 15 don samun sarari, wato ₦63,000 daga ₦420,000, saura ₦357,000.

Akwai wani tarko a nan. Idan kamfanin ya cire harajin kashi 5 tun kafin ya biya, ₦570,000 ne za su shigo asusu, kuma da yawa sukan lissafa ₦30,000 ɗin a matsayin asara, sannan su sake ware ₦63,000 cur. Wancan kuɗi kafin alƙalami ne na harajin da ake binsa, saboda haka ₦33,000 kawai suka rage ya ajiye, matuƙar ya karɓi shaidar cewa kamfanin ya miƙa kuɗin ga hukumar haraji da sunansa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi, a ganina, shi ne na awanni, domin mutum yakan ƙirga lokacin da ya zauna gaban kwamfuta kaɗai. Ban da awa 40 na ginin shafin, ya yi awa 8 a zaman tattaunawa da hanyar zuwa wurin, awa 14 a gyare-gyaren da manajan ya riƙa nema bayan ya ce komai ya yi, awa 5 a amsa waya da saƙonni har bayan sallar isha, da awa 3 wajen rubuta takardar neman biya da bin cikon kuɗi. Awa 70 ke nan. Ba a gano wannan da tunawa daga baya, sai an riƙa rubuta lokacin farawa da na tashi a kowace rana, ko da a ɗan littafi ne.

Idan aka raba ₦357,000 da 70, awarsa ta tsaya a ₦5,100, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya zata. Daga nan ne zai yanke farashin aiki na gaba ta hanyar bin lissafin da baya. Idan yana son ₦8,000 a awa, awa 70 za su ba da ₦560,000. A raba da 0.85, tunda kashi 85 ne ke rage masa bayan ware kashi 15 na haraji, a samu kusan ₦659,000. A ƙara ɗawainiyar ₦180,000, jingar ta kai kusan ₦840,000. Idan kamfanin ba zai kai nan ba, sai a rubuta a yarjejeniya cewa gyara sau biyu ne a cikin farashin, na uku kuma da kuɗinsa daban.