Yadda ake shirya yammacin lallen ƙawayen amarya

Idan ke ce babbar ƙawa kuma aka ɗora miki shirya lallen ƙawaye, kada ki fara da anko ko kiɗa. Fara da tambayar mai ƙunshi minti nawa take ɗauka a kan mutum ɗaya. Daga amsarta za ki san mutum nawa za ki gayyata, ƙarfe nawa za a fara, da nawa za a kashe. Na koyi wannan ne a bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata a Kano, inda muka ɗauki mai ƙunshi guda ɗaya tal ga 'yan mata sun fi talatin. Har aka kira Isha'i rabinsu suna zaune a tabarma da hannu fari, wasu kuma suka tafi suna cewa an yi son kai.

Matakin farko shi ne tsayar da rana. Idan ɗaurin aure Asabar ne, sa lallen Alhamis. Kwana biyun nan sun isa jan lalle ya nuna sosai, baƙin kuma bai fara kwailewa ba. Ki tabbatar ranar ba ta ci karo da kamu ba, domin kamu na dangin ango ne da iyaye, kuma idan aka haɗa su ƙawaye ne ke rasa wurin zama.

Sai jerin baƙi. Ki zauna da amarya da biro da takarda, ta faɗi sunaye da bakinta: na makaranta, na Islamiyya, na unguwa, sannan sa'o'inta a dangi. Ki kai wa mahaifiyarta takardar ki ce, "Umma, ga waɗanda muka rubuta, ko akwai wadda muka manta?" Kusan kullum akwai wata 'yar maƙwabta ko 'yar aminiyarta da barinta zai jawo magana. Daga nan a rufe. Ki buɗe guruf na WhatsApp da waɗannan kaɗai, kuma kada katin ya hau sitatus, domin nan ne 'yan gayyar soɗi suke samun adireshi. Duk da haka ki ƙara abincin mutum biyar ko shida, tunda ba a hana ƙawa zuwa da ƙanwarta.

Yanzu lissafi. A ce jerin ya tsaya a mutum 24, mai ƙunshi kuma ta ce zanen baƙin lalle a bayan hannu biyu yana cin minti 15. Awa shida ke nan ga mai ƙunshi ɗaya, ba hutu ba salla. Masu ƙunshi uku za su gama a awa biyu, ki ƙara rabin awa don jinkiri. Wannan lissafin zai tsaya ne kawai idan kowa ta yarda da zane mai sauƙi. Ki zaɓi zane biyu ko uku tun kafin ranar, a tura hotonsu a guruf. Wadda ke son har gwiwar hannu da ƙafa ta je gidan mai ƙunshi da kuɗinta wata rana. Sai kin daure kin faɗi wannan ƙarara, don mutum ɗaya mai buɗe waya tana cewa "irin wannan nake so" tana iya cinye lokacin mutum huɗu.

Amarya ba ta cikin wannan layi. Nata ƙunshin, ja da baƙi, hannu da ƙafa, aikin yini ne. Jan lalle kaɗai, bayan an liƙa salatif an cusa an ɗaure da leda, yana son awanni kafin ya kama. Ta fara da hantsi a ɗaki, da tata mai ƙunshin, yadda kafin La'asar ta wanke, ta yi wanka, an turara ta. In ba haka ba za ta yini a ƙunshe, ƙawayenta suna rawa ita ko ruwa sai an ba ta a baki.

Akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Yawancin baƙin lalle ana haɗa shi da rinin gashi, kuma akwai fatar da ba ta karɓarsa: ƙaiƙayi, kumburi, wani lokaci har ƙuraje masu ruwa a daidai layin zanen. Sau da yawa ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wato daidai ranar ɗaurin aure. Ki tambaya a guruf ko akwai wadda rini ya taɓa yi wa haka. Ita da duk mai shakka, har da amarya, su tsaya a jan lalle.

Lokaci kuma salla ce ke raba shi. A Kano Magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a hunturu, kusa da bakwai a damina. Ki sa a fara da zarar an sallame La'asar, wajen ƙarfe huɗu. A katin ki rubuta uku da rabi. Kowa ta zo da sallarta da alwalarta, domin wadda aka zana wa ba za ta taɓa ruwa ba sai ya bushe. Waɗanda suke fashin salla a bar su a ƙarshen layi. A gama zane kafin Magariba, saboda masu ƙunshi suna buƙatar hasken rana, kuma ba a dogara da wutar NEPA. Abinci sai bayan salla, lokacin da hannaye suka bushe aka wanke. Kafin nan zoɓo da kunun aya a gora da tsinken zuƙa sun wadatar. Zuwa ƙarfe tara a watse, kuma ki san tun da wuri wace ce za ta kwana, wace ce za a zo ɗauka.

Batun kiɗa ki fara da Baban amarya, ta bakin Umma. Wani gidan ya yarda da dije, wani kuma sam. Ni dai a ganina taron da bai kai mutum talatin ba ba ya buƙatar dije: sifika mai caji da waya ɗaya sun isa, kuma rashin baƙon namiji a tsakar gida yana sa 'yan mata su saki jiki. A haɗa waƙoƙin tun jiya, a damƙa wayar a hannun wadda aka yi wa zane da farko. Lokacin zane a rage sauti, don masu ƙunshi ba sa son ana girgiza musu tabarma. Idan akwai gwaggo ko iya da ta iya kiɗan ƙwarya, a ba ta fili bayan abinci. An kifa ƙwarya a ruwa, ana tafi ana amshi, nan ne amarya kan rufe fuska da mayafi ta fara hawaye. A kashe komai idan an kira salla.

Kasafi ya zo ƙarshe saboda sauran ne suke haifar da shi. Farashi yana canzawa, don haka ga misali kawai da naira 200,000. Idan mai ƙunshi ta ce 2,500 kan kowane mutum, 24 sun ci 60,000. Abinci da abin sha na mutum 30, a dafa a gida, 70,000. Hayar sifika da man janareta 20,000. Tabarmi, 'yan kujeru da adon wurin amarya 15,000. Turaren wuta, gawayi, sabulu da leda 10,000. Ragowar 25,000 ki ɗaure a gefe, don kuɗin adaidaita da ƙarin ƙanƙara ba sa rasa tasowa. Idan kowace ƙawa ta ba da 5,000 an samu 120,000, sauran 80,000 a san daga ina za su fito kafin a kira kowa. In ba su samu ba, a rage ado, a bar masu ƙunshi uku yadda suke.

Ki ba su kafin alƙalami mako guda kafin ranar, kuma ki tambaya ko kuɗin motarsu da kayan haɗi suna cikin farashin. Ranar Laraba da daddare ki sake kiran kowacce ki ji da bakinta cewa ƙarfe uku tana gidan.