Yadda na gyara katangar tare ƙasa da damina ta karkatar

Katangar mai tsayin mita 1.5 ta fara karkata bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma tsagewa a kwance ta fito kusa da gindinta. Da na haƙa bayanta sai na tarar da laka jiƙe sharkaf, babu kafar da ruwa zai bi ya fita. Ruwan da ya taru haka yana tura katanga da ƙarfin da yake ninkawa huɗu idan zurfinsa ya ninka biyu, shi ya sa katangar da ta tsaya lafiya da rani take faɗuwa da damina.

Na kwashe lakar kaɗan-kaɗan, na sake gina wurin da ya tsage, sannan na huda ramuka masu faɗin milimita 75 a jeren ƙasa, da tazarar mita 1.5 tsakaninsu. A bayan katangar na zuba wankakkiyar tsakuwa mai kaurin santimita 30, na raba ta da ƙasa da ƙyallen tace ruwa, domin in babu shi laka za ta cike tsakuwar ta toshe ramukan. Saman kuwa na rufe shi da dannanniyar ƙasa. Yanzu ina duba ramukan bayan kowane ruwa mai ƙarfi, domin ramin da ya bushe alhali sauran suna tsiyaya ya toshe ne.