Yadda za ka rubuta wa ma'aikacin da ya daina zuwa aiki ba sanarwa

A ce mai gadin sitonka na kasuwar Maradi ya yi kwana 3 bai zo ba, wayarsa a kashe.

1. Fara duba littafin zuwa aiki, ka fitar da ranakun da bai zo ba. "Ka daɗe ba ka zuwa" ba hujja ba ce.

2. Sa kwanan wata da cikakken sunansa, ka yi sallama, sannan ka shiga magana: "Malam, tun Litinin ba mu gan ka ba, ba mu kuma samu saƙonka ba. Muna fatan lafiya."

3. Nemi bayani a rubuce, da takardar likita in rashin lafiya ne. Kada ka zarge shi, kada ka ambaci kora. Wataƙila rasuwa aka yi masa a ƙauye, ka ga tsawa ba ta dace ba.

4. Yanke rana: "Ka dawo aiki ranar Alhamis da ƙarfe 8 na safe, ko ka sanar da mu ranar da za ka iya."

5. Sa hannu, ka yi kwafi biyu. A kai masa gida, wanda ya karɓa ya sa hannu a naka, ka adana. In maganar ta kai ofishin sufeton ƙwadago, wannan kwafin ne shaidarka.